Takardar shaida a kan Nafisa Lawal, mai neman gurbin digiri na uku a fannin inganta iri

Katsina, 14 ga Janairu 2025

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Ɗaliban Digiri na Uku,
Sashen Kimiyyar Tsirrai, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Assalamu alaikum ranka ya daɗe Farfesa, ina fatan kana lafiya da iyali da sauran malamanmu na Samaru, ya aiki ya sanyi.

Na rubuto ne a kan ɗalibata Nafisa Lawal, 'yar Daura, wadda ta cike fom tana neman gurbin digiri na uku a fannin inganta irin shuka a wajenku, kuma gero take so ta yi aiki a kai. Ni na koyar da ita darasin gadon halitta da na tsara gwajin gona tun tana digirin farko, daga baya kuma ni na duba mata binciken mastas ɗinta wanda ta kare a 2023, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi da idona ne, ba labari aka ba ni ba. Rizol ɗinta yana gabanku, za ku ga makinta masu kyau ne, ba zan tsaya a kansu ba. Abin da takarda ba za ta nuna muku ba shi ne yadda yarinyar nan take a gona, kuma ka fi ni sanin cewa a aikinmu nan ne ake gane mutum.

Binciken nata a kan gero da wuta-wuta ne, wato Striga hermonthica, ƙuduji kamar yadda wasu manoman ke ce mata. Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Zango ko Baure a ƙarshen damina ya san yadda gona ke komawa shunayya da furenta, geron ya tsumbure tun kafin ita ciyawar ta leƙo sama, don ta riga ta kama saiwarsa a ƙarƙashin ƙasa tana tsotsa. Tsiro ɗaya na zubar da 'ya'ya dubun dubata, ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 suna jiran sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa kafin su tsiro. A dawa an daɗe da samun irin da ke tsaya mata, irin su SRN39 da Framida, a wake ma ku kun fitar da SAMPEA 10 mai jure wa tasa wuta-wutar, amma a gero har yanzu abin da ke hannu kaɗan ne, alhali shi ne abincin mutanen da ƙasarsu ta fi jigawa kuma ruwansu ya fi ƙaranci. Nan Nafisa ta ce za ta tsaya, na gaya mata aikin na da wuya kuma ba ya saurin ba da sakamako, ta ce ta sani, gonar mahaifinta na cikin waɗanda abin ya ci.

Ita da kanta ta bi ƙauyukan Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure ta tattaro irin gero 36 daga rumbunan manoma, kowanne ta rubuta sunan da masu shi ke kiransa, da garin, da shekarun da suka ce sun yi suna noma shi. Ta shuka su damina biyu a wata gona da wuta-wuta ta yi wa katutu, kowane iri maimaici uku, ta sa SOSAT-C88 a matsayin ma'auni tunda shi ne ingantaccen irin da manomanmu suka fi sani.

To a nan ne nake so ka ɗan saurare ni Farfesa. Gero ba kamar wake ba ne da ke barbarar kansa, shi iska ke ɗaukar masa bununi daga wannan zangarniya zuwa waccan, kuma ɓangaren mace na furen yana riga na namiji fitowa da kwana biyu zuwa uku, saboda haka in kana so ka tsare iri kada ya gauraya dole ka rufe kan da jakar takarda tun yana leƙowa daga cikin ganye, in ka makara kwana ɗaya aikin ya lalace kuma ba za ka sani ba sai baɗi. Yawancin ɗalibai sai a bar wa lebura wannan aikin a koma inuwa. Nafisa kuwa da ta idar da sallar asuba take kama hanya, jakunkuna a buhu, fensir ɗaure da zare a wuya saboda biro yana wankewa in raɓa ta taɓa shi, tana bi kunya kunya tana duba kowane kai. Wata safiya na same ta tana cire jakunkuna daga wasu kawuna tana ɗaura musu jan ƙyalle, na tambaye ta lafiya, ta ce iskar daren jiya ta yaga su, ba ta da tabbacin bununin maƙwabta bai shiga ba, don haka ta fitar da su daga lissafi gaba ɗaya. Babu wanda zai gane da ta mayar da sabuwar jaka ta yi shiru, ni ma ba zan gane ba.

Haka ta yi da sakamakon. A damina ta farko akwai wani iri daga wajen Baure da wuta-wuta ba ta fito masa sosai ba, duk muka yi murna, har wasu abokan aiki suka fara cewa a rubuta a tura mujalla. Ita ce ta ce a dakata, ta ɗauko taswirar gonar da ta zana a littafinta ta nuna mana cewa biyu daga cikin filayen wannan irin sun faɗo kusa da inda aka taɓa ɗaure shanu, ƙasar wurin ta fi taki, kuma an san wuta-wuta ba ta ƙarfi a ƙasa mai taki. Damina ta biyu ta sake jefa ƙuri'ar filayen, ta gauraya 'ya'yan wuta-wuta da yashi ta zuba daidai wa daida a kowane rami don kada a dogara da abin da ke cikin ƙasa kawai, sai ga irin nan ya kamu kamar sauran. Ta rubuta haka a kundinta ba ta ɓoye ba, ta kuma bambance tsakanin irin da ke hana ciyawar kama shi da irin da take kamawa amma duk da haka ya daure ya yi ƙwaya. Guda huɗu ta ware na kashi na biyun, su take so ta ci gaba da su. Wallahi Farfesa na koyar da ɗalibai da yawa masu kaifin ƙwaƙwalwa, amma wanda zai rushe sakamakon da ya fi faranta masa rai da hannunsa saboda gaskiya, ba su da yawa.

Sai kuma yadda take zama da manoma. Da aka zo girbi ta gayyato dattawa su zaɓi irin da ya yi musu, ta kuma shirya zaman mata daban a cikin gida tunda ta san ba za su yi magana a gaban maza ba, kuma a nan ta ji abin da sikeli ba zai faɗa mata ba. Maza suka ce kan SOSAT na da ƙwaya amma gajere ne, bai ɗauruwa dami kamar zango mai dogon kai, kuma su kara ma amfanin gona ne, da shi ake danni da shi ake ciyar da dabbobi da rani. Mata kuma suka yi maganar surfe, wanne ne ke saurin sakin dusa a turmi, wanne ne furarsa ke kama jiki ta kwana ba ta saki ba, kuma a ƙasar Daura irin da bai yi fura ba ai ba zai shiga rumbu ba ko buhu nawa yake bayarwa. Duk ta rubuta, ta mayar da su ma'aunan zaɓe a tsarin binciken da ta turo muku. Za ku ga tana so ta haɗa huɗun nan da ingantattun iri masu saurin nuna ta yi ta zaɓe zagaye bayan zagaye a ƙasar da aka cika da wuta-wuta, tana lura da cutar nan da ke mayar da kan gero ganye ganye don kada a gyara wani wuri a ɓata wani. Har shibra ta sa a ido, geron dajin da manoma ke cirewa a yar, tana ganin dangin gero na daji na iya ɗauke da abin da ake nema. Ni dai ina ganin wannan ɓangaren ya yi wa digiri ɗaya yawa, na gaya mata, amma wannan ku da ita ne ku daidaita.

Ba zan ɓoye muku inda take da gibi ba. Aikin lab na ƙwayoyin gado, irin wanda ake amfani da alamomi wajen zaɓen iri, a tiyori kawai ta san shi, ba mu da kayan da za ta yi firaktikal a nan. Lissafin data kuwa ita ta koya wa kanta R a wata tsohuwar kwamfuta, yanzu har 'yan ajinsu da na bayanta wajenta suke zuwa, amma tana buƙatar malami da zai zaunar da ita a kan nazarin yadda iri ke canza hali daga muhalli zuwa muhalli. Tana kuma da jinkirin miƙa rubutu saboda sai ta duba ta sake dubawa, sai an sa mata rana an tsaya a kai. Waɗannan duk abubuwa ne da ake koya, kuma shi ya sa na ce mata Samaru za ta nufa, inda aka shafe sama da shekara 100 ana binciken noma tun 1922, ga kuma Kano kusa inda ICRISAT ke da ofis, ga cibiyar binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri da ke riƙe da alhakin gero a ƙasar nan, duk za ta iya neman iri da shawara ta hannunku.

Maganar ko za ta iya zama ta gama, na san kwamiti kan yi wannan tunanin a kan ɗalibai mata ko da ba a furta ba. Nafisa na da aure da ɗa ɗaya, da goyonsa ta yi damina ta biyu ta gwajin nan, kuma maigidanta da kansa ya zo ofis ya same ni ya ce ya amince ta koma Zariya tsawon karatun. Halinta kuwa ba ni da abin cewa sai alheri, ga ladabi ga riƙon amana, kuɗin leburori in ya biyo ta hannunta sai ta kawo lissafi har na ruwan sha. Tana kuma neman sukolashif, in akwai wani firojet na gero ko dawa da ke ɗaukar ɗalibai a sashenku don Allah a tuna da ita, domin gwajin gona a wurare uku ko huɗu ya fi ƙarfin aljihun gidansu.

Ina ba da shaida a kanta da zuciya ɗaya, kuma ina roƙon kwamiti ya ba ta wannan gurbi. Irin nan 36 suna nan ajiye a sashenmu da lambobinsu da littafin gonarta, in kun ɗauke ta za ta taho da su, ni kuma a shirye nake in kula mata da filin gwaji ɗaya a ɓangaren Daura kowace damina. Lambar wayata na jikin fom ɗinta in akwai abin da kuke so ku ƙara ji.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Wassalam.

Naka,
Dakta Kabir Sani
Babban malami, fannin kimiyyar amfanin gona
Katsina