Takardar Duba Shirin Shiga Makaranta: Yara 'Yan Shekara 4

Zuwa ga malaman ajin renon yara na biyu, daga shugabar sashe. Za a yi aiki da takardar nan a makonni 3 na farkon zango, kan yara 22 da ke cikin rajistar ajin.

Kafin ku fara

Wannan ba jarrabawa ba ce, kuma babu yaron da za a kora gida saboda ita. Ana cike ta ne da ido da kunne yayin da yara ke harkarsu: lokacin wasa, lokacin labari, wajen wanke hannu, da sa'ar tashi. Kada a zaunar da yaro shi kaɗai a gaban tebur ana jero masa tambayoyi. Yaron da ke zuba kamar kanya a filin wasa yana iya kame bakinsa ƙam idan ya ga malama riƙe da biro tana kallonsa.

Ku ɗauki yara 4 ko 5 a rana. Kowane abu sai an gan shi a ranaku 2 daban kafin a sa masa alama. A saman takardar kowane yaro a rubuta shekarunsa har da watanni, domin ɗan shekara 4 da wata 1 da ɗan shekara 4 da wata 11 kusan shekara guda ce tsakaninsu, kuma a wannan tsawon rayuwa shekara guda ba abin wasa ba ce.

Alamomi huɗu ne:

- I: yana yi da kansa
- T: yana yi idan an taimaka ko an tuna masa
- B: an ba shi dama, bai kai ga yi ba tukuna
- G: ba a samu damar gani ba

Ina roƙonku kada ku haɗa B da G. Idan ba ku taɓa miƙa wa yaro almakashi ba, G za ku sa. B hukunci ne a kan yaro, G kuwa aiki ne da ya rage muku.

Da dama daga abubuwan da ke ƙasa sun dace da jerin matakan girma da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta sabunta a 2022 tare da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, inda aka sa kowane abu a shekarun da aƙalla kashi 75 cikin 100 na yara ke yinsa. Waɗanda na sa wa tauraro (*) sun ɗan fi ƙarfin wasu 'yan shekara 4, don haka rashinsu ba abin damuwa ba ne.

Kashi na ɗaya: Harshe

A saurari yaro da harshen da ya fi sakewa da shi. Wanda ke jin harsuna biyu yakan gauraya su a jimla ɗaya, wannan ba matsala ba ce, a lissafa masa duka.

1. Yana haɗa jimla mai kalmomi 4 ko fiye. Rubuta jimla ɗaya yadda ta fito daga bakinsa, kada ki gyara masa. "Malama, ya ɗauke mini motata ja" ta wadatar.
2. Baƙon da bai saba da shi ba yana gane yawancin maganarsa. Hanyar gwadawa mai sauƙi ita ce malamar wani aji ta shigo ta yi hira da shi, don ke kunnenki ya riga ya saba. Tsamin baki wajen furta "r" a wannan shekaru ba ya hana alamar I.
3. Yana ba da labarin aƙalla abu ɗaya da ya faru da shi a ranar. Tambayar "me ka yi yau?" ta yi faɗi, yawancinsu "ba komai" za su ce. Ce masa "da wa ka yi wasa a waje?" ki ga yadda bakin zai buɗe.
4. Yana amsa tambayar amfanin abu: "me ake yi da takalmi?", "me ake yi da kofi?"
5. Yana bin umarni mai gaɓa 2: "ɗauko jakarka ka ajiye ta bayan ƙofa." Faɗi sau ɗaya, kuma ki riƙe hannunki, kada ki nuna da yatsa ko ki kalli jakar. Yara suna da wayo, da yawa hannun malama suke karantawa alhali maganar ta wuce su. Umarni mai gaɓa 3 (*).
6. Ya san ciki, kan, ƙarƙashi, gaba da baya idan an ce ya ajiye abu.
7. A labarin da ya saba ji, idan kin tsaya yana faɗin abin da zai biyo baya.
8. Yana rera wasu kalmomi na waƙar aji.
9. Yana kiran sunan launuka kaɗan.
10. Yana yin tambaya da kansa: me ya sa, wane ne, ina.

Za ku lura ban sa karanta baƙaƙe ko ƙirga zuwa 50 ba. Da gangan na bar su. Haddar jere abu ne da ake koya wa yaro cikin 'yan makonni, kuma tana ruɗar iyaye da malamai. Yaron da ke rera lambobi har 30 amma ba zai iya cewa fitsari yake ji ba, zai fi shan wuya a aji fiye da wanda bai san baƙi ko ɗaya ba amma yana iya faɗin abin da ke damunsa.

Kashi na biyu: Motsin jiki

Manyan gaɓoɓi, a duba a filin wasa:

11. Yana gudu, ya tsaya, ya juya ba tare da yawan faɗuwa ba.
12. Yana hawa matakala ƙafa ɗaya a kowane mataki.
13. Yana tsalle da ƙafa biyu tare.
14. Yana cafe babbar ƙwallo mafi yawan lokuta idan an jefo ta a hankali daga kusa. Cafewa da ƙirji ta yi.
15. Yana tsayawa a ƙafa ɗaya na 'yan daƙiƙu. Tsallen ƙafa ɗaya (*).

Hannu da yatsu. Nan ne nake so ku fi natsuwa, domin nan ake yawan yi wa yara gaggawa:

16. Yana riƙe fensir tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, bai dunƙule shi cikin tafin hannu ba. Dubi kuma ɗaya hannun: yana danne takarda da shi, ko takardar na yawo a kan tebur? Dubi ƙarfin dannawa. Wanda ke huda takarda da wanda layinsa da ƙyar ake gani, duka a rubuta a gefe.
17. Yana kwaikwayon da'ira da alamar tarawa (+) idan an nuna masa zanensu. Murabba'i (*). Kada a nemi siffa mai kusurwa uku, sai wajen shekara 5.
18. Yana zana mutum da sassan jiki 3 ko fiye. Babban kai da idanu da ƙafafu biyu da suka fito daga haɓa, ba ciki ba wuya, zane ne daidai na wannan shekaru. A rubuta kwanan wata a bayan zanen a liƙa shi da takardar nan.
19. Yana yanka takarda da almakashin yara. Bin layi (*).
20. Yana ɓalle wasu maɓallan riga, yana zuba ruwa a kofi ana kallonsa ba tare da ya malalar da yawa ba.
21. Yana zuwa ban ɗaki da rana da ɗan taimako, yana wanke hannu.

A rubuta hannun da ya fi amfani da shi. Idan hagu ne, a bar shi da hagunsa, a zaunar da shi a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunsa ta dinga karo da ta maƙwabcinsa.

Kashi na uku: Wasa da zama da mutane

Mildred Parten, wata mai bincike 'yar Amurka, ta bayyana matakan wasan yara a 1932, kuma har yau suna da amfani wajen sanin abin da ake kallo. Daga cikinsu akwai wasa shi kaɗai, wasa kusa da wasu kowa na nasa, wasa tare ana musayar kaya da magana, sai wasa mai tsari inda aka raba aiki. Ɗan shekara 4 yakan yi ta kai da komo tsakanin waɗannan a yini ɗaya. Ki zauna gefe na minti 10 ba tare da kin sa baki ba, ki rubuta wanda kika fi gani.

22. Yana wasan kwaikwayo: ya zama likita, direba, malama ko kare. Yana mayar da wani abu wani abu daban, kamar murfin kwali ya zama sitiyari.
23. Yana neman yara ya yi wasa da su. Ta yaya yake shiga wasan da aka riga aka fara? Da magana, da tsayawa gefe har a kira shi, ko da rushe ginin da suka yi? Wanda ke rushewa sau da yawa so yake a yi da shi, hanyar ce bai sani ba. T ya dace da shi, da ɗan bayani a gefe.
24. Yana jiran layinsa a wasa idan an tuna masa. Raba kayan wasa ba tare da an ce ba (*).
25. Yana lallashin wanda ya ji ciwo ko yake kuka, ko ya kira babba.
26. Idan an ƙwace masa abu, yana amfani da baki ko ya kawo ƙara fiye da duka da cizo.
27. Bayan an kawo shi da safe, kukan rabuwa yana lafawa har ya shiga harka. A makon farko kada a sa wa kowa alama a nan.
28. Yana zama ya saurari labari na minti 5 zuwa 10 cikin rukuni. Mutsu-mutsu ba laifi ba ne in dai kunnensa na wurin.
29. Yana barin abin da yake yi ya koma wani idan an ba shi sanarwa tun da wuri.
30. Yana son a aike shi, kuma yana gudun haɗarin da ke fili, kamar dirowa daga wuri mai tsawo.

Yaro mai kunya dabam, yaron da bai damu da mutane ba dabam. Mai kunya yana kallon wasan, yana murmushi idan an yi abin dariya, kuma idan aka haɗa shi da yaro ɗaya mai sanyin hali sai ya sake. A gwada haka kafin a sa B.

Abubuwan da ba a jira ƙarshen mako na 3

A sanar da ni a ranar idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ya daina yin abin da iyaye suka ce yana yi a da, musamman magana
- ba ya waiwayowa idan an kira sunansa daga baya, ko kullum sai ya ce "na'am?" sau biyu ko uku
- yana kai takarda dab da ido, ko yana karkata kai in zai kalli abu
- ba ya haɗa kalmomi 3, ko maimaita tambayar da aka yi masa kawai yake yi
- babu wasan kwaikwayo sam, kuma ba ya kula sauran yara
- yana ƙin amfani da hannu ɗaya, ko yana jan ƙafa

Mu malamai ne, ba mu sa wa yaro sunan cuta. Abin da muka gani za mu faɗa wa iyaye, mu ba su shawarar ganin likitan yara, a fara da gwajin ji da gani. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yana rage jin yara ba tare da ciwo ba, kuma an sha kiran irin wannan yaro mai taurin kai.

Yadda ake rubuta sharhi

Ba a tara maki. A ƙarƙashin kowane kashi a rubuta layi 2 ko 3 na abin da ido ya gani. Ga wanda aka rubuta wa wata yarinya mai shekara 4 da wata 3:

"Harshe: I a 1 zuwa 4, T a 5. Tana ɗauko jaka ta manta inda za ta ajiye, sai an maimaita. Hannu: har yanzu tana dunƙule fensir, amma ta zana mutum mai kai, idanu, ƙafafu da gashi. Wasa: ta ja yara biyu wasan asibiti, ita ce likita, ta ƙi yarda a karɓe ta. Abin yi: a ba ta guntayen alli da laka ta murza, a yi wasan karɓa-karɓa cikin rukunin yara 3."

Kalmomi irin su "malalaciya", "daƙiƙi" ko "mara ji" ba su da wuri a takardar nan. A kawo mini takardun ranar Juma'a ta mako na 3, kowace cikin ambulan ɗinta, a kulle su a ofis. Za mu zauna da iyayen kowane yaro a mako na 4, sannan a sake duba duk abin da ya samu T, B ko G bayan makonni 8.