Wasiƙar Godiya ga Malamata ta Hausa

Assalamu alaikum, Malama.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da sauran malamanmu. Yaya ƙoƙari da ɗalibai? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Malama, sakamakon jarrabawarmu ta NECO ya fito, kuma na samu B2 a Hausa. Da na gani, bayan hamdala ke kika fara faɗo mini a rai. Na so in zo makaranta in faɗa miki baki da baki, amma na san kaina, ina tsayawa gabanki kunya za ta rufe ni, in ce "na gode" kawai in sunkuyar da kai. Shi ya sa na zaɓi takarda.

Kin tuna insha'ina na farko a aji ɗaya na babbar sakandare? Kin ce mu rubuta yadda muka yi bikin Sallah. Na cika shafi biyu ina ganin na burge, sai littafin ya dawo mini jajawur da bironki. Na rubuta "baki sun cika gidanmu", kika ja layi a ƙarƙashi, kika rubuta a gefe: "Baki na cin tuwo, ko baƙi masu zuwa gaisuwa?" Ran nan na yi fushi ƙwarai. A ganina Hausa yarena ne, da shi na tashi, wa zai koya mini? Ba ki kunyata ni a gaban aji ba. Bayan an tashi kika kira ni, kika sa na rubuta kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bata da ɓata, ina faɗa da ƙarfi har kunnena ya rarrabe. Kika ce lanƙwasar nan da nake rainawa ita ke raba ma'ana da ma'ana. Tun daga lokacin ban sake ganinta a matsayin ado ba.

Raba kalma da haɗa ta ya fi ba ni wahala, domin hannuna ya saba da rubutun waya. Kusan zango guda kina raba mini "zata" ya koma "za ta", kina haɗe mini "ya na" ya koma "yana", ba ki taɓa cewa kin gaji ba, alhali mun haura saba'in a ajin.

Akwai abin da ban taɓa gode miki a kansa ba, kuma shi ya fi tsaya mini a zuciya. Lokacin da Baba ya kwanta rashin lafiya muna aji biyu, na yi mako uku ban leƙa makaranta ba, har an fara maganar in haƙura da karatun. Sai ga ki a ƙofar gidanmu da yamma, da ledar lemo a hannu. Kika zauna da Umma a tabarma kuka daɗe kuna magana ƙasa-ƙasa. Da za ki tafi kika miƙo mini sabon littafin rubutu, kika ce, "Ranar Litinin ina jiranki." Umma har yau idan aka ambace ki sai ta yi miki addu'a. Baba ya samu sauƙi, ya ce in isar da gaisuwarsa.

Burina yanzu in karanta Hausa a Jami'ar Bayero, idan Allah ya ba ni gurbi. Ki sa ni a addu'a.

Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a, ya jiƙan magabatanki.

Ɗalibarki,
wadda take zama a layin gaba, kusa da taga.

Ƙarin bayani: Malama, wannan kwafi na biyu ne. Na bi shawararki, na ajiye na farkon ya kwana, da safe na karanta shi da ƙarfi, na tsinci kurakurai huɗu. Na rubuta "ɗalibar ki" a rabe, na haɗe shi. Na rubuta "yafi bani wahala", na mayar da shi "ya fi ba ni wahala". Na haɗe "akansa", na raba shi ya zama "a kansa". A addu'ar ƙarshe kuma na manta lanƙwasa, "jiƙan" ya zama "jikan", kamar ina maganar jika da kaka, na gyara shi tun kafin ya iso gare ki. Idan akwai wanda ya kuɓuce mini, ki ja masa layi da jan bironki, ki ba ƙanwata da ke aji ɗaya ta kawo mini takardar.