Takardar miƙa aiki: yadda za a riƙa shiga na'urorin gida daga nesa ta hanyar suna mai bin adireshi

Birnin Kebbi

Ranka ya daɗe Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan takarda bayani ce kan aikin da aka kammala a gidanka na Gesse, domin ka riƙa duba kyamarorin tsaro da takardun cinikin shinkafa da ke kan kwamfutar gida a duk lokacin da kake Argungu ko Kano ko wajen ƙasa. Na rubuta ta ne da tsawo saboda ɗanka wanda zai ci gaba da kula da kayan ya sami abin dubawa idan wani abu ya tsaya, ba sai an jira ni ba.

Tushen matsalar

Duk na'urar da ke son a same ta a intanet tana buƙatar adireshi na lamba, irin wannan: 203.0.113.45. Tsarin IPv4 da ake amfani da shi yana da adireshi wajen biliyan 4.3 ne kawai, kuma tun watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta rarraba ragowar abin da ke hannunta. Saboda wannan ƙaranci, kamfanin da ke ba gida intanet aron adireshi yake bayarwa na wani lokaci, yana iya karɓewa ya ba da wani idan wa'adin ya cika ko kuma idan rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, ta mutu ta sake tashi. A gidan da ake ɗauke wuta akai-akai, kuma batirin inbata kan ƙare kafin asuba, wannan sauyi yana faruwa fiye da yadda mutum zai zata. Shi ya sa lambar da aka rubuta maka a takarda bara ta yi aiki na ɗan lokaci sannan ta daina, alhali babu abin da ya lalace.

DNS shi ne tsarin da ke haɗa suna da lambar adireshi, kamar yadda kake neman sunan mutum a wayarka ba tare da ka haddace lambarsa ba. Abin da ake kira DDNS kuwa ƙari ne a kan haka: wata ƙaramar manhaja a cikin gida tana sanar da mai riƙe da sunan duk lokacin da adireshin ya sauya, shi kuma ya gyara rajistarsa nan take, ta yadda wanda ya nemi sunan daga waje zai sami sabuwar lambar.

Sharaɗin da ya riga komai

Kafin a sayi ko da waya ɗaya, sai da aka tabbatar cewa adireshin da rautar gida take samu na fili ne, wato wanda ake iya kai wa gare shi daga ko'ina. Wannan shi ne wurin da mutane da yawa suke asarar kuɗi da lokaci. Layukan waya da ƙananan na'urorin data na aljihu galibi suna tara dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya na kamfani, tsarin da ake kira CGNAT, kuma haka Starlink take yi a tsarinta na gidaje. A irin wannan hali ana iya fita zuwa intanet lafiya lau, amma wanda ke waje ba shi da hanyar shigowa, domin ƙofar da zai ƙwanƙwasa tana hannun kamfani. Abin da ya fi rikitarwa shi ne sunan zai ci gaba da sabuntawa kamar komai daidai, sai dai lambar da yake nunawa ta kamfani ce.

Hanyar dubawa mai sauƙi ce. A buɗe shafin rauta a 192.168.1.1, a karanta lambar da ke gaban WAN IP, sannan daga cikin gida a buga wannan umarni:

```
curl -4 ifconfig.me
```

Idan lambobin biyu iri ɗaya ne, adireshin na fili ne. Idan sun bambanta, musamman idan ta rauta ta faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, wanda shi ne yankin da aka keɓe wa CGNAT a 2012, ko kuma ta fara da 10 sai ɗigo, ko 192.168, to akwai wani shinge a gaba. A gidan nan an nemi kamfanin da ya kafa eriya ya ba da adireshi na fili mai sauyawa, kuma ya bayar. Duk ranar da aka canja kamfani ko tsarin biya, wajibi ne a maimaita wannan gwaji tun kafin a biya kuɗin wata.

Abin da aka kafa

An yi rajistar suna a DuckDNS, wadda ke ba da wannan hidima kyauta. Sunan shi ne tsamiya-47.duckdns.org. Da gangan ban sa sunanka ko na unguwa a ciki ba, domin kowa a duniya yana iya tambayar DNS, kuma babu hikima a tallata wa baƙo cewa ga gidan wane da kyamarorinsa. Rautar gida tana da wurin shigar da No-IP kai tsaye, kuma hidima ce mai kyau, sai dai sunanta na kyauta yana buƙatar a tabbatar da shi duk kwana 30 ta saƙon imel, wanda mai yawan tafiya zai iya mantawa har sunan ya faɗi. Ya kamata kuma a sani cewa abin kyauta ba shi da alkawari, domin kamfanin Dyn, wanda ya daɗe yana wannan aiki, ya rufe hidimarsa ta kyauta a 2014. Idan irin haka ta faru, sauya suna aikin minti kaɗan ne, amma sai an gyara shi a kowace waya.

Mai sabunta sunan ƙaramar kwamfuta ce ƙirar Raspberry Pi da ke cikin akwatin bango kusa da rauta, mai adireshin cikin gida 192.168.1.10. An ɗaure mata wannan lamba a sashen DHCP na rauta, haka ma na'urar naɗar hotunan kyamara mai 192.168.1.20, don kada su sauya. Rubutun da ke yin aikin yana cikin /usr/local/bin/duck.sh:

```
#!/bin/sh
T=$(cat /etc/duckdns/token)
curl -s "https://www.duckdns.org/update?domains=tsamiya-47&token=$T&ip=" -o /var/log/duck.log
```

An bar gurbin ip babu komai domin DuckDNS ta ɗauki adireshin da saƙon ya fito daga gare shi. Mabuɗin sirrin asusun yana cikin /etc/duckdns/token, kuma duk wanda ya same shi zai iya karkatar da sunan zuwa inda ya ga dama, saboda haka kada a tura shi ta WhatsApp ko a ɗauki hotonsa. Kwafinsa na takarda yana cikin ambulan ɗin da na miƙa maka hannu da hannu. Rubutun yana gudana duk minti biyar da wannan layi na crontab:

```
*/5 * * * * /usr/local/bin/duck.sh
```

Wa'adin da sauran na'urori ke riƙe tsohuwar amsa kafin su sake tambaya daƙiƙa 60 ne, don haka idan adireshi ya sauya, jiran ba zai wuce minti shida ba, muddin ƙaramar kwamfutar tana kunne. Wannan ne ya sa aka haɗa ta da rauta da eriya a kan layin inbata guda, kuma ina roƙo kada a cire ta don cajin waya ko a jona fanka a wannan soket.

Ƙofa ɗaya tak

Suna yana kai mutum bakin gida ne kawai, shigarwa kuwa aikin rauta ne, a sashen Port Forwarding. Masu sayar da kyamara da yawa sukan buɗe wa na'urar naɗar hoto ƙofarta kai tsaye saboda ya fi sauri, amma ban yi haka ba, kuma ba na ba da shawarar a yi. Akwai manhajoji da ke zagaye intanet dare da rana suna gwada kowane adireshi, kuma a 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Kyamarar da ke kallon tsakar gida da ɓangaren iyali ba abin da za a bari a irin wannan haɗari ba ne.

Abin da aka buɗe ƙofa ɗaya ce, UDP 51820, zuwa 192.168.1.10, inda manhajar WireGuard ke jira. Ba ta amsa wa kowa sai na'urar da ke riƙe da mabuɗin da aka yi mata rajista, wanda ba shi da shi kuwa ko alamar akwai wani abu a wurin ba zai gani ba. An yi mabuɗi daban ga wayarka, da wayar Hajiya, da kwamfutar ɗanka, ta yadda idan ɗaya ta ɓata za a soke nata kaɗai. An kuma kashe UPnP a rauta domin kada wata na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa ba da sanin kowa ba, sannan an sauya kalmomin sirrin rauta da na kyamarori.

Yadda ake amfani da shi: a buɗe WireGuard a waya, a kunna layin da aka sa wa suna Gida, sannan a buɗe manhajar kyamara kamar ana zaune a falo. Idan an gama a kashe, domin hoton kyamara yana cin data sosai.

Idan ya ƙi shiga

Abu na farko shi ne a kashe layin Gida a sake kunnawa. WireGuard tana tambayar sunan ne lokacin da aka kunna ta, don haka idan adireshin gida ya sauya ana tsakiyar kallo, za ta iya ci gaba da neman tsohon. Wannan kaɗai yana warware mafi yawan ƙorafi. Idan bai yi ba, a jira minti shida a sake gwadawa, sannan a kira gida a tambaya ko fitilun rauta da na ƙaramar kwamfutar suna ci.

Idan duk suna kunne, ɗanka ya kwatanta amsar umarnin curl na sama da amsar wannan:

```
nslookup tsamiya-47.duckdns.org
```

Idan lambobin sun saɓa, sabuntawa ce ta tsaya, sai ya duba /var/log/duck.log, inda OK ke nufin an karɓa, KO kuma ke nufin sunan ko mabuɗin ba daidai ba ne. Idan sun dace amma har yanzu ba a shiga, ya koma ga gwajin WAN IP, domin mai yiwuwa kamfani ya mayar da gidan bayan CGNAT, ko kuma wani ya danna maɓallin Reset na rauta ya share ƙofar da aka buɗe. An ajiye kwafin saitin rautar a filashin da ke cikin ambulan domin irin wannan rana.

Gwaji kuma a riƙa yin sa da datar waya, bayan an kashe Wi-Fi na gida, domin wasu rautoci ba sa barin wanda ke ciki ya zagayo ta adireshin waje, sai a ɗauka aikin ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Haka nan, a ranar da eriya ta sami matsala aka jona gidan da na'urar data ta aljihu, iyali za su sami intanet amma shiga daga nesa ba zai yiwu ba sai eriyar ta dawo. Idan irin wannan ya yawaita, ko aka koma kamfanin da ba ya ba da adireshi na fili, mafita ita ce tsarin da na'urar gida ke fita da kanta ta ƙulla hanya, irin su Tailscale, wanda ana iya ɗora shi a kan wannan ƙaramar kwamfutar ba tare da sayen sabon kaya ba, kuma sai mu zauna mu tsara shi idan buƙatar ta taso.

Allah ya ƙara girma.

Naka,
Mai haɗa kayan sadarwa