Wasika zuwa ga dalibina

Salam kanena, ya karfin jiki? Na ga sakamakon jarabawarka ta aljebra, 6 cikin 20, wallahi abin ya taba ni dan na san ba wasa kake ba, har da tsakar rana kana zuwa jami'a ga zafin Damagaram. Matsalarka hadda ce kake yi. Ka iya lissafa det(A) amma da na tambaye ka mi ke faruwa in ya zama 0 sai ka yi shiru, alhali ma'anarsa matiris din ba ta juyuwa. Ka koma kan 2×2, ka zana bektoci biyu a kaye, (1,2) da (2,4), ka duba da idonka layi guda suka hau, shi ya sa det din matiris din da suka hada ya zama 0. Asabar bayan la'asar ka zo gida da takardar, mu bi ta tambaya tambaya.

Malaminka