Tsarin fostar binciken tsuntsayen birnin Kano

Zuwa ga Malam mai kula da aikina na shekarar ƙarshe, Sashen Kimiyyar Halittu.

Assalamu alaikum Malam. Ga tsarin fostar da zan kafa a baje kolin ayyukan ɗalibai na sashenmu, tare da ainihin kalmomin da za su hau kanta da bayanin kowane zane, domin Malam ya duba kafin in kai wurin bugawa. Na gina tsarin ne a kan sakamako guda, wato cewa wurin da ya fi yawan tsuntsaye shi ne ya fi ƙarancin nau'o'i, kuma duk abin da bai taimaka wa mai kallo ya gane wannan ba na bar shi a cikin kundin.

Girman takarda da rabon fili

Fostar za ta kasance girman A0 a tsaye, faɗi santimita 84.1, tsawo santimita 118.9, kuma wannan awon na saka a Slide Size na PowerPoint tun kafin in fara, don kada zane ya miƙe ko ya dushe lokacin bugawa. Na raba takardar gida uku daga sama zuwa ƙasa. Sama na take ne, tsakiya ya kasu ginshiƙi biyu, siriri a hagu mai ɗauke da gabatarwa da taswira da hanyar aiki, da mai faɗi a dama mai ɗauke da sakamako, sannan ƙasa na ma'anar sakamakon da iyakokinsa. Ginshiƙin dama zai ninka na hagu faɗi, saboda babban zanen ya faɗo daidai idon mutumin da ke tsaye. Bangon zai zama fari, girman rubutun take 90, na kanun sassa 48, na bayani 30, na ƙarƙashin zane 24, kuma duka kalmomin ba za su wuce 400 ba.

Take

“Tsuntsaye sun fi yawa a kasuwa, nau'o'insu sun fi yawa a unguwa mai itatuwa: ƙirgen rani a wurare uku na birnin Kano.”

Na zaɓi take mai faɗin sakamako maimakon na kundin, wanda ya fara da “Nazari a kan”, domin yawancin masu zagayawa take kaɗai za su karanta su wuce. Sunana da na Malam da na sashen za su zo a layi ɗaya a ƙarƙashinsa, tambarin jami'a kuma a kusurwar dama, ƙarami.

Gabatarwa

“Gine-gine suna cinye filaye da itatuwan Kano, amma tsuntsaye ba su bar birnin ba. Tambayar ita ce waɗanne ne suka zauna, kuma a ina. Mun kwatanta yawan tsuntsaye da yawan nau'o'insu a wurare uku da suka bambanta wajen cunkoso da yawan itatuwa.”

Babin bitar ayyukan magabata gaba ɗayansa bai shiga ba, kuma ina ganin hakan daidai ne, tunda wanda yake buƙatarsa zai same shi a kundin.

Zane na 1, taswira

Taswirar za ta nuna wuraren uku, kewayen Kasuwar Sabon Gari, da unguwannin tsohon birni kusa da Dutsen Dala, da unguwar Nasarawa mai manyan gidaje da itatuwan darbejiya da maɗaci da mangwaro. Kowane wuri yana da launinsa, kasuwa ruwan lemo, tsohon birni ruwan toka, Nasarawa shuɗi, kuma waɗannan launukan ne za su bi kowane zane har ƙarshen fostar, ta yadda mai kallo zai koyi ma'anarsu sau ɗaya. Na guje wa haɗa ja da kore saboda masu matsalar bambance su. Za a sa ma'aunin nisa da kibiyar arewa, da ɗan layin da ke cewa tushen taswirar daga OpenStreetMap yake, kamar yadda sharaɗin amfani da ita ya tanada. Ƙarƙashinta za a rubuta: “Zane na 1. Wuraren ƙirge, ɗigo goma a kowane wuri.”

Hanyar aiki

“Mun tsaya a ɗigo 30, goma a kowane wuri, da tazarar aƙalla mita 200 tsakanin ɗigo da ɗigo. A kowane ɗigo mun ƙirga duk tsuntsun da muka gani ko muka ji cikin mita 50, na tsawon minti 10, tsakanin ƙarfe 6:30 da 9:30 na safe. Mun ziyarci kowane ɗigo sau shida daga Janairu zuwa Maris, jimillar ƙirge 180. Ba mu ƙirga tattabarun gida da kaji ba, ko tsuntsun da ya wuce ta sama bai sauka ba. Mun auna bambancin nau'o'i da ma'aunin Shannon.”

Ƙa'idar lissafin za ta zo a layi guda, da ɗan bayanin cewa pᵢ shi ne kason kowane nau'i cikin dukkan tsuntsayen wurin:

H′ = −Σ pᵢ ln pᵢ

Jimlar tattabaru ta ci fili, amma na bar ta, saboda duk wanda ya san tsohon birni zai tambaya ko garken masu kiwo ne ya kumbura lissafin.

Zane na 2, babban sakamako

Wannan zanen shi ne zai fi kowane girma, kuma zai cinye kusan rabin ginshiƙin dama. Zane biyu ne na sanduna a jere, kowane da sanda uku cikin launukan wuraren, a tsari ɗaya daga hagu zuwa dama: kasuwa, tsohon birni, Nasarawa. Na hagu yana nuna matsakaicin yawan tsuntsaye a ƙirge ɗaya, wato 31 da 22 da 17, na dama kuma yana nuna jimillar nau'o'in da aka samu, wato 12 da 19 da 36. Idan aka jera su haka, sandunan hagu suna gangarowa, na dama suna hawa, kuma mutum zai fahimci saƙon daga nisan mita biyu tun bai karanta komai ba.

Na yi tunanin haɗa su a zane ɗaya mai ma'auni biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, don in rage fili, amma na fasa, domin irin wannan zanen yana sa mai kallo ya kwatanta tsawon sandunan da ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ma'aunin tsaye na kowane zane zai fara daga sifili, tunda yanke gindin sanda yana ƙara wa bambanci girman da ba shi da shi. Adadin kowace sanda zai zauna a samanta, sunan wuri a ƙasanta, saboda haka babu buƙatar akwatin fassarar launi ko layukan bango. Sandunan hagu za su ɗauki siririn layin da ke nuna tazarar kuskuren matsakaici, wadda na lissafa daga ɗigo goma na kowane wuri, ba daga ziyara sittin ba, domin komawa ɗigo ɗaya sau shida bai mai da shi ɗigo shida ba. Sandunan dama ba su da wannan layin saboda jimilla ce, kuma bayanin zanen zai faɗi haka.

“Zane na 2. Kasuwa ta fi yawan tsuntsaye a kowane ƙirge (hagu), Nasarawa ta ninka ta sau uku a yawan nau'o'i (dama). Siririn layi: tazarar kuskuren matsakaici, ɗigo 10. Adadin nau'o'i jimilla ce.”

Rubutun sakamako a ƙarƙashinsa jimla uku ne:

“Mun samu nau'i 41 a wuraren uku. Ma'aunin Shannon ya tashi daga 1.7 a kasuwa zuwa 2.2 a tsohon birni da 2.9 a Nasarawa. Hasbiya da kurciya da gwara sun kai kashi uku cikin huɗu na tsuntsayen kasuwa.”

Zane na 3, wa ke zaune a ina

A kundin akwai jadawalin nau'o'i 41 mai shafi biyu, kuma ba zai karantu a bango ba. A madadinsa na zaɓi nau'i takwas, na jera su a layuka, kowane da ɗigo uku masu launi da girmansu ke nuna yawansa a kowane wuri. Na sama su ne waɗanda ke ko'ina, kurciya da hasbiya da gwara da hankaka, sai balbela, sannan waɗanda a Nasarawa kaɗai muka same su, cilakowa da tsirya da ragon maza. Sunan Hausa zai zo da babban rubutu, sunan kimiyya a ƙarƙashinsa a karkace, misali Columba guinea ga hasbiya da Corvus albus ga hankaka, domin suna ɗaya na Hausa yakan haɗa nau'i fiye da ɗaya. Hoto biyu kawai zan sa a gefe, na hasbiya da na cilakowa, waɗanda na ɗauka da kaina.

Ma'ana da iyakoki

“'Yan nau'o'in da ke cin tsabar hatsi da ragowar abinci sun mamaye kasuwa, masu buƙatar manyan itatuwa kuma sun taru inda itatuwan suka rage. Ba mu ga ungulu ko sau ɗaya ba, tsuntsun da Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa cikin masu fuskantar matsanancin haɗarin ƙarewa a 2015. Ƙirgen na rani ɗaya ne, don haka baƙin damina irin su shamuwa ba su shiga ba. Hayaniyar kasuwa tana iya ɓoye kukan ƙananan tsuntsaye. Wuri ɗaya muka ɗauka daga kowane irin muhalli, kuma ba mu auna yawan itatuwa kai tsaye ba.”

Jimlar ƙarshe ita ce dalilin da ya sa ban rubuta a ko'ina cewa itatuwa ne suka haddasa bambancin ba, ko da yake abin da nake zato ke nan, domin Nasarawa ta bambanta da kasuwa a hayaniya da cunkoso da ruwan ban furanni ma. Godiya ga sashen da ya ara mana madubin hangen nesa da abokan karatun da suka taya ni ƙirge za ta zo a layi ɗaya a can ƙasa, da rubutu girman 20.

Kafin bugawa

Zan fitar da fayil ɗin a PDF, in fara buga shi a takardar A4, domin rubutun da bai karantu a can daga nisan hannu ba, da wuya ya karantu a bango, sannan in buga kwafi ɗaya baƙi da fari in tabbatar launuka ukun sun rabu. Zan kuma duba da idona cewa haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun fito daidai a na'urar mai bugawa. Na fi son takarda marar sheƙi a kan fileks, saboda hasken zauren yana dukan fileks ya ɓoye ƙananan lambobi.

Abu biyu nake roƙon Malam ya yanke mini. Na farko, ko jimlar ungulu ta zauna, tunda rashin ganin tsuntsu a ƙirgen mita 50 ba hujjar rashinsa a birnin ba ce. Na biyu, ko in ƙara ƙaramin zanen taruwar nau'o'i da na fitar da `specaccum` a R, wanda ke nuna cewa layin Nasarawa bai gama kwanciya ba a ɗigo na goma. Idan Malam ya ga ya shiga, hoton cilakowa ne zai ba shi wuri.

Na gode, Allah ya ƙara wa Malam lafiya.