Wasiƙar Neman Gafara Kan Jinkirin Gano Tarin Tibi

Kumasi, 19 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Hajiya, Aboabo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Kin zo asibitinmu sau uku tsakanin Fabrairu da Maris da tarin tibi a ƙirjinki, ba mu gano shi ba, alhali alamunsa suna gabanmu. Laifin namu ne, kuma muna neman gafararki. Ranar 6 ga Mayu mun yi wa babban ɗanki alkawarin rubuto abin da bincikenmu ya nuna. Ga shi, kamar yadda yake a foldarki, ba ragi.

Ranar 4 ga Fabrairu kin zo da tarin da ya kai mako uku da zazzaɓin yamma. Nauyinki kilo 68. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Aka ɗora tarin a kan ƙurar hunturu, aka ba ki amoksisilin na kwana bakwai da maganin tari na ruwa. Ƙa'ida a fili take: tarin da ya kai mako biyu, a karɓi kaki a gwada tibi. Ba a karɓa ba. Ba a kuma tambaye ki gumin dare ko rashin cin abinci ba. Ga shi kina da ciwon suga, wanda ke ninka haɗarin tibi sau biyu zuwa uku, kuma a wurinmu kike karɓar maganinsa, don haka ba za mu ce ba mu sani ba.

Ranar 25 ga Fabrairu kin dawo, tari bai tafi ba, nauyi ya sauka zuwa kilo 65. Wanda ya duba ki ya tura ki hoton ƙirji, wannan daidai ne. Amma ya rubuta miki lebofuloksasin na kwana bakwai kafin a ga hoton, wannan kuwa kuskure ne. Maganin yana taɓa ƙwayar tibi, sai dai shi kaɗai ba ya kawar da ita. Sai zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, mara lafiya da likita duka su ɗauka an warke, cutar kuwa tana nan tana cin huhu. Sauƙin da kika ji a farkon azumi ke nan.

Rahoton hoton ya iso ranar 28 ga Fabrairu. Mai karanta hoton ya rubuta cewa akwai tabo a saman huhun dama, a gwada tibi. Takardar ta shiga ɗakin ajiyar folda, aka cusa ta a bayan foldarki, aka mayar da foldar wurin ajiyarta. Ba likita ko nas ɗin da ya gan ta. A lokacin ba mu da littafin da ake rubuta wanda aka tura hoto da ranar da sakamakonsa ya dawo, saboda haka ba wanda ya lura cewa akwai takardar da ake jira. A ganinmu nan ne kuskure mafi girma, kuma ba na ma'aikacin ɗakin folda ba ne. Ya yi abin da muka saba sa shi yi. Mu shugabannin asibiti ne muka bar aikin ba tsari.

Ranar 18 ga Maris kin zo awon suga, nauyi kilo 62. Kin faɗa da bakinki cewa tarin ya dawo, har kina canza riga cikin dare saboda gumi. Aka ce azumi ne da hawan suga, aka ƙara miki maganin suga. Rahoton yana cikin foldar da ke kan teburin, ba a buɗe bayanta ba. Kilo shida cikin mako shida ba ramar azumi ba ce.

Sauran kin fi mu saninsa. Ranar 22 ga Afrilu kika yi tarin jini, yara suka kai ki asibitin Komfo Anokye. Gwajin kaki na GeneXpert ya nuna tibi, ya kuma nuna cewa ƙwayar ba ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi, ba, alhamdu lillahi. Kin fara magani ranar 24 ga Afrilu. Daga zuwanki na farko jinkirin ya kai mako goma sha ɗaya, daga ranar da rahoton ya shigo hannunmu kuma kusan mako takwas.

Ɗanki ya ce kina zargin kanki saboda jiƙe-jiƙen gargajiya da kika sha a Afrilu, da ba ki dawo wurinmu ba. Hajiya, ki sauke wannan nauyin. Kin zo sau uku, kin faɗi abin da ke damunki, kin sha abin da muka ba ki.

Game da abin da jinkirin ya jawo, ba za mu ɓoye miki ba. Hoton Afrilu ya nuna rami a saman huhun dama wanda babu shi a hoton Fabrairu. Irin tibin da kike da shi yana warkewa idan aka sha magani wata shida ba fashi, amma ramin yana iya barin tabo, wasu kuma sukan ci gaba da tari ko haki idan sun hau tudu ko bene. Sai an gama magani an sake hoto za a san inda aka tsaya. Na biyu, makonnin nan duka kina kwana ɗaki ɗaya da jikoki, kina zama da yaran shagonki a Kejetia, kuma ta iska cutar take bi.

Saboda haka muna roƙon a kawo duk wanda ke kwana a gidan, da yara biyun shago, a duba su. Mai tari a karɓi kakinsa, sauran a yi musu tambayoyi da hoto idan ya kama. Jikokin nan biyu da ba su kai shekara biyar ba su ne kan gaba: ko da lafiyarsu ƙalau, akwai maganin rigakafi da ake ba yara irinsu bayan an tabbatar ba su kamu ba. Kuɗin mota da na hoto a kanmu. Idan kin fi so a yi a Komfo Anokye ko wani wuri, mun fahimta, kuma za mu biya. Ba sai an ware miki kwano ko kofi ba, tibi ba ya bin abinci. A buɗe tagogi, a rufe baki yayin tari. Bayan kamar mako biyu ana shan maganin da ya dace, yaɗa cutar yana raguwa ƙwarai, ke kuma kin wuce mako uku.

Likitocin ƙirji su ke riƙe da maganinki, maganarsu ce gaba da tamu. Amma akwai abu biyu daga foldarki da ya kamata su sani, mun rubuta su a takardar da ke haɗe da wannan wasiƙa, ki miƙa musu. Na farko, lebofuloksasin ɗin da muka ba ki, domin yana cikin magungunan da ake komawa gare su idan tibi ya yi taurin kai. Na biyu, kina shan maganin suga gilibenkilamid. Rifamfisin yana sa hanta ta yi saurin narkar da shi, sai ƙarfinsa ya ragu, suga ya hau. A riƙa auna suga sau da yawa fiye da da. Nas ɗinmu za ta iya zuwa gida sau biyu a mako ta auna kyauta har ƙarshen magani a Oktoba, idan kin yarda.

Wata biyun farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, wata huɗun baya kuma biyu. Za a sake gwada kaki a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida. Fitsari ya yi ja kamar manja, aikin rifamfisin ne, ba abin tsoro ba. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya dushe, ko ƙuraje suka feso a jiki, ko jini ya sake fitowa, a tafi asibiti a ranar, kada a jira ranar awo. Idan ƙafa ta fara dindiris ko zafi kamar barkono, ki faɗa musu, akwai bitamin B6 da ake bayarwa, kuma masu suga sun fi bukatarsa. Kada jin sauƙi ya sa a ajiye magani.

Ga abin da muka canza tun ranar 12 ga Mayu. A teburin awon jini da nauyi, nas tana tambayar kowa abu huɗu: tari, zazzaɓi, gumin dare, rama. Mai tarin mako biyu ba ya fita sai ya ba da kaki, mai ciwon suga kuwa ko tarin bai kai haka ba. Babur yana kai kakin wurin gwaji a ranar. Duk hoto da gwajin da aka tura waje ana rubuta shi a littafi guda, da sunan wanda ya tura da lambar wayar mara lafiya. Sakamako ba ya shiga folda sai likita ya karanta ya sa hannu cikin awa 24, kuma idan akwai matsala a kira mai shi a waya a ranar. Duk Juma'a da safe babbar nas tana bin littafin layi-layi, abin da ya wuce kwana uku bai dawo ba ta bi sawunsa. An hana rubuta lebofuloksasin ko sifurofuloksasin ga mai tari sai an gwada tibi, kuma ɗakin magani ba zai bayar ba sai da sa hannun babban likita. Nauyi yanzu a shafin farko ake rubuta shi, a jere, kuma wanda ya zubar da kilo uku tsakanin zuwa biyu dole babban likita ya gan shi. Mun kuma fara fito da foldar duk wanda muka tura hoton ƙirji cikin wata goma sha biyun da suka wuce, don kada a sami wata takarda kwance kamar taki. A ƙarshen Agusta za mu rubuto miki abin da muka samu, ba tare da sunan kowa ba.

Ma'aikata ukun da suka duba ki sun zauna da mu, sun karanta foldar shafi-shafi, kuma wata uku masu zuwa babban likita zai riƙa bin bayan duk mai tarin da suka duba.

Abin da kika kashe a wurinmu wanda katin inshora na NHIS bai ɗauka ba, da kuɗin hoton, ya kama sidi 640. Za mu mayar miki cikin makon nan. Maganin tibi kyauta ne a Gana, amma mun san akwai kuɗin mota, da makonnin da ba ki fita kasuwa ba, kuma a shirye muke mu zauna da ke da wanda kika zaɓa a yi wannan magana. Karɓar kuɗin ba ya toshe miki hanyar kai ƙara. Kina da haƙƙin karɓar kwafin foldarki, da kai kuka ga Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana, ko hukumar HeFRA mai ba asibitoci lasisi, ko hukumar CHRAJ mai kare haƙƙin ɗan Adam. Duk wadda ta nemi takardunmu za mu ba ta, kuma hakan ba zai canza yadda muke karɓarki ko iyalinki ba. Ba mu faɗa wa kowa ciwonki ba sai ɗan da kika ba izini.

Idan kin amince, ni da babbar nas muna so mu zo gida mu gaishe ki, mu nemi gafara baki da baki, mu amsa tambayoyinki. Ɗanki ya sanar da ofishinmu ranar da ta yi miki. Idan kuma ba ki son ganinmu yanzu, ba za mu matsa ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya kare iyalinki.

Wassalam,

Babban Likita, a madadin shugabanni da ma'aikatan asibiti