Neman izinin zuwa gida, zuwa ga Alhaji

Damagaram, Talata 30 ga Satumba 2025

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Ina gajiyar hanya, ya Maradi ya mutanen can, da fatan an sauka lafiya. Mu nan lafiya lau, mangaza ma lafiya, yau dai kasuwa sai a hankali saboda kowa ya tattara kuɗinsa wajen kayan lakwal na yara.

Na so a ce baki da baki muka yi wannan magana, to ka tafi ba mu samu zama ba, kuma ban ga ya dace in tare ka da kira kana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuto don ka karanta a lokacin da ka samu sarari.

Izini nake nema na sati biyu in je gida. Ka san garinmu yana can arewa da Gidimuni, in an bar kwalta ta hanyar Gure sai an ƙara tafiya cikin rairayi. Babanmu ya faɗo daga amalanke satin da ya wuce ya karye a ƙafa, an yi masa ɗori yana kwance, da sauƙi alhamdulillahi amma ba maganar gona a wajensa bana. Gero kuwa ya nuna, maƙwabta har sun fara yanka, ga wake yana jiran roro, in aka bar shi tsuntsu da dabbobi ne za su yi mana girbin. Wana yana Agadas bai da halin zuwa, ƙannena mata ne suna gidajen mazajensu, sai wani ɗan autanmu da ko dami ɗaya ba zai iya ɗaurewa shi kaɗai ba. In ka amince zan tashi Litinin 6 ga Oktoba, in dawo Lahadi 19 da yamma, Litinin 20 ga wata da safe ni zan buɗe mangaza in sha Allah. A cire kwanakin daga konjena na bana, kwantabul ya ce lissafin doka kwana biyu da rabi ne a kowane wata na aiki, wato 30 a shekara, kuma nawa suna nan ban taɓa su ba.

Maganar aiki kuma na riga na fara shiri, ko ka amince ko ba ka amince ba shirin ba zai zama asara ba. Ranar Asabar zan ƙirga kaya kaf tare da kwantabul, shinkafa buhu buhu, sukari, jarkokin mai, katan na makaroni da na tumatir, mu sa hannu mu biyu a babban kaye. Mataimakina ya san wajen kowane kaya kuma ya iya rubuta bon, abin da kawai bai saba ba shi ne masu karɓar kaya bashi, don haka na ware musu shafi daban a ƙarshen kayen da jan bik, kowa da iyakar abin da ake ba shi da ranar da yake kawo kuɗi. Wanda sunansa ba ya shafin nan na ce kar a ba shi ko kwalin ashana sai da izininka, ko da ya rantse ya ce ni na saba ba shi, don akwai masu wannan dabarar in sun ga babba ba ya nan. Alhamis biyu za su faɗo cikin tafiyar, 9 da 16, kuma ka san yadda Alhamis take a Kasuwar Dole, mutanen ƙauye su cika ƙofa tun hantsi kowa yana son a sallame shi kafin motar garinsu ta tashi. Na yi magana da ƙanen direbanmu, wanda ya taya mu aiki da azumi, ya yarda ya riƙa zuwa ranakun nan biyu yana tsayawa bakin ƙofa yana ƙirga abin da ƴan dako suke fitarwa. Makullan kuma ba zan ba kowa ba sai wanda ka faɗa da bakinka.

Shi ke nan abin da ya shafi roƙon. Saura godiya, ita ce ma ta fi yawa a raina.

Alhaji ni ban manta ranar da aka kawo ni wajenka ba, ban san bambancin bon da faktir ba, lissafina na kai ne kawai irin na talla, kai ka zaunar da ni kan benci bayan la'asar kana nuna mini yadda ake jan layi a kaye, abin da ya shigo hagu abin da ya fita dama, har ka ce in hannuna ya saba wata rana ni zan riƙe makulli, na ɗauka wasa kake. Lokacin da maiɗakina ta haihu aka yi mata aiki, ban buɗe baki na roƙa ba, sai ga Hajiya ta aiko da kuɗin magani da kwanon abinci har asibiti, aka yi ta kawowa har aka sallame mu. Ragon suna ma kai ne. Irin wannan ba a biyansa da aiki, sai dai addu'a, kuma tsohuwata kullum in mun yi waya sai ta sa maka albarka kafin ma ta tambayi jikokinta. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a. Ban kawo wannan don in tausasa maka zuciya kan izinin ba wallahi, ko ka ce a'a godiyar tana nan yadda take, kawai dai mutum ba ya samun damar faɗin irin wannan a tsakiyar buhuna da hayaniyar ƴan dako.

Yanzu yadda za a same ni in na tafi, don kar a kira a ji waya a kashe a zaci na ɓace. A cikin gari rezo ba ya kamawa sosai, wani lokaci ya zo da sanda ɗaya ya gudu, amma akwai wani tudu bayan makarantar allo, nan kowa yake hawa ya yi waya, da magariba za ka ga mutane tsaye a kai kowa ya ɗaga salula sama. To kullum bayan sallar magariba zan hau tudun in zauna har a kira isha'i, wajen ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai da rabi ke nan, duk wanda ya kira a lokacin zai same ni a lambobina biyu da kake da su. Da rana ina gona, wayar ma tana wajen mai caji, wani yaro ne mai faranti na hasken rana yake sa wa duk garin, sai la'asar ake karɓowa. In abu ba na gaggawa ba ne a bar mini saƙon murya a WhatsApp, in na hau tudun zai shigo in amsa a daren, sai dai a yi shi gajere don mai tsawo ba ya sauka, hoto ma haka, in shafin kaye ne a ɗauki layin da ake tambaya kawai. Na gaya wa mataimakina ya riƙa tara tambayoyinsa ya turo su gaba ɗaya da yamma maimakon ya yi ta kira ɗaya ɗaya, kuma in ba shi da kuɗi a waya ya yi mini bip sau biyu ni zan kira.

In kuma abu ne da ba zai jira magariba ba, a kira ɗan kawuna mai shagon gyaran babur a bakin kwalta a Gidimuni, wajensa rezo ba ya yankewa, lambarsa na rubuta a bangon kaye daga ciki kuma zan turo maka ita in ka ce in turo. Shi zai hau babur ya iske ni a gona. In ta kama in dawo ne ma, Gidimuni ba nisa ba ce, in na fito da asuba na samu motar da ta taso daga Gure kafin azahar ina Damagaram, in yi abin da ake bukata in koma. Wannan da gaske nake faɗa, kar a ji nauyin kirana.

Sai magana ta ƙarshe, ita ce na fi so ka riƙe. Alhaji kar wannan saƙo ya takura ka. Na san kana can kan maganar kaya kuma kamyon shinkafa yana hanya ba a san ranar da zai iso ba, kai ka san abin da ni ban sani ba na lissafin wannan wata. In ka ga sati biyu ya yi yawa, sati ɗaya ma zai yi mini amfani, in je in tara gayya a yanke geron a ɗaure, sauran kai wa rumbu da roron wake in bar wa ƴan uwa. In ka ga sai kamyon ya sauke tukuna, sai in ɗaga tafiyar, geron zai iya ɗan jira in an sa yara suna kora tsuntsu. In kuma sam ba hali, babu komai wallahi, na riga na yi magana da kawuna, zan tura masa kuɗi ta Nita ya ɗauki ƴan ƙwadago su yi aikin, ni kuma in leƙa babanmu wata Lahadi in dawo a ranar. Duk ukun nan ba wanda zai ɓata mini rai, kuma ba za ka ga canji a fuskata ko a aikina ba.

Ba sai ka amsa yau ba, ba sai gobe ba. Ban sayi tikiti ba, ban ce wa mutanen gida ga ranar zuwana ba, na ce musu dai sai abin da maigidana ya ce, don haka ba wanda yake zaune yana jiran wata rana da za a saɓa. In ka dawo Juma'a kamar yadda ka ce sai mu yi maganar bayan masallaci, in kuma ka fi so ka faɗa wa kwantabul ya gaya mini, duk ɗaya ne. Ni ba zan sake tayar da maganar ba sai ka tayar da ita, gobe da safe ina mangaza kamar kullum.

A gaida Hajiya in kun yi waya, a gaida su Alhaji na Maradi. Allah ya sa a gama abin da aka je yi lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Yaronka mai riƙon mangaza